Yadda ƙungiyar marubuta ke taya ɗanta murnar ƙaddamar da littafi

A ƙungiyarmu ta marubuta a nan Jos, ni ke rubuta wasiƙar taya murna, kuma ba na ɗaukar alƙalami sai an karanta littafin. Da zarar katin gayyata ya iso, sai mu roƙi kwafi ɗaya mu ba mutum biyu, su karanta cikin mako guda. Wasiƙar da babu komai cikinta sai "wannan gagarumin aiki", marubuci na jin ta ya san ba a buɗe littafinsa ba.

Daga nan sai a kwafo sunan littafi da na marubuci daga bango, harafi bayan harafi. A nan muka taɓa jin kunya. Sunan littafin wata 'yar uwarmu yana da kalmar "ƙasa", mai buga mana takarda ya sa "kasa", shugabanmu kuma ya karanta yadda ya gani a gaban mijinta da iyayenta. Tun daga ranar, ni da kaina nake duba lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ kafin a sa hannu.

Wasiƙar shafi ɗaya ce a kan takardar ƙungiya. A buɗe da sallama, a kira mutum yadda ake kiransa, Malam ko Malama ko Hajiya. Sai a ambaci abu ɗaya tak da ya kama zuciyar masu karatun. A wasiƙar da muka gyara wa waccan 'yar uwar tamu mun ce: "Malama, babin da kika kai mu wurin masu wankin kuza, har muka ji sanyin ruwan a hannun tsohuwar nan, ya daɗe yana yi mana yawo a rai." A rufe da addu'a, Allah ya ƙara basira, ya sa littafin ya karɓu. Shugaba da sakatare su sa hannu. Gyara da suka ba nan ne wurinsu ba, a bar su sai zaman karatu na ƙungiya.

Kuɗi kuwa a tara shi kafin ranar. Idan kwafi naira 3,000 ne kuma mun yanke sayen 20, to naira 60,000 su shiga ambulan tun daren jajibiri. Alkawarin da aka shelanta a lasifika aka kasa cikawa yana barin marubuci da bashin maɗaba'a.

Ran taro, a gaya wa mai gabatarwa tun da wuri cewa ƙungiya na da saƙo. Yawanci ana kiranmu bayan mai sharhin littafi da babban mai ƙaddamarwa sun gama. Minti 3 sun isa: shugaba ya karanta, ya miƙa wasiƙar da ambulan hannu biyu, a ɗauki hoto, mu koma kujerunmu. Kwafin da muka saya kuma mu kai wa makarantun Gangare da Anguwar Rogo.