Juya akwatin ka duba bayansa: kurakuran gane modem, rauta, suwic da akses-foyin

Kuskuren da aka fi yi shi ne yanke hukunci da eriya. Da zarar an hango akwati a kanta mai ƙahonni biyu ko huɗu, sai a ce rauta ce, wato na'urar da ke raba intanet ga na'urori da yawa. Eriya dai tana nuna cewa na'urar na aiki da rediyo, shi ke nan. Akwai akses-foyin, wato na'urar da aikinta watsa wayfai ne, mai eriya a waje, akwai kuma rautar da ake sa wa sim wadda eriyarta ta kamo sabis ce daga turken kamfanin waya. Rautar manyan ofisoshi kuwa sau da yawa ba ta da eriya ko ɗaya. Juya akwatin ka karanta ramukan bayansa.

Abin da za ka fara nema shi ne rubutun WAN ko Internet, wato ramin da intanet ke shigowa. In ka ga rami ɗaya a ware, galibi da launinsa daban, ga wasu huɗu a jere an rubuta LAN 1 zuwa 4, to rauta ce.

A nan ake cakuɗa ta da suwic, akwatin da ke haɗa na'urori ta kebul, domin ƙaramin suwic mai ramuka 5 da rauta mai WAN ɗaya da LAN huɗu adadinsu ɗaya ne. Amma ramukan suwic duk iri ɗaya ne, lamba kawai ke kansu, 5, 8, 16, 24 ko 48, ba WAN, ba eriya. Wanda ya sayi suwic a zaton rauta zai gane kurensa da ya haɗa shi da modem zalla: fitilu za su kama, amma yawanci kwamfuta ɗaya ce za ta samu intanet, saboda suwic ba ya raba adireshin IP, lambar da kowace na'ura ke buƙata don shiga intanet, kamfanin intanet kuma ɗaya yake bayarwa.

Modem, na'urar da ke karɓar intanet daga layin kamfani, ana gane shi ne da ramin da bai yi kama da sauran ba. Ko dai zagayayyen ƙarfe mai zare irin na wayar dish, ko ramin DSL na layin tarho wanda ya fi na kebul ɗin kwamfuta ƙanƙanta, ko kuma ramin faiba, sau da yawa kore, tare da fitilun PON da LOS. Na faiba ONT ne sunansa na ainihi, ko da yake a bakin mutane modem ne. In ramin LAN ɗaya tak ke gefensa, yawanci modem ne zalla. In akwai LAN huɗu da wayfai, modem ne da rauta a jiki ɗaya, don haka kada ka sayo wata rautar ba dalili.

Akses-foyin kuma ana yawan mayar da shi kanti wai babu caja a kwalinsa. Faifan nan da ake mannawa a silin yakan zo da rami ɗaya mai rubutun PoE, wuta da intanet duk ta kebul ɗaya suke shigo masa. Sai an haɗa shi da suwic mai PoE, ko ɗan akwatin da ke cusa wuta cikin kebul, sannan fitilarsa za ta kama.