Kurakuran da aka fi yi wajen daidaita kwanan wata a tsohuwar rajista

Rajistar da hannaye da yawa suka cika ba ta rasa rikicin kwanan wata. Wannan ya rubuta 03/04/98, wancan ya fara da wata kafin rana, wani kuma ya sa sunan watan. Bayan an ɗauki hotonta an kwashe bayanan zuwa kwamfuta, sai a mayar da su duka tsarin ISO 8601, wato shekara mai lamba huɗu, sai wata, sai rana: 1998-04-03.

Babban kuskure shi ne yanke hukunci da ka. Shin 03/04/98 uku ga Afrilu ne ko huɗu ga Maris? Layin shi kaɗai ba zai gaya maka ba, maƙwabtansa za ka tambaya. Rajista bi da bi ake cika ta. In layin sama 28/03/98 ne, na ƙasa kuma 15/04/98, to babu wata na 28 ko na 15, ka ga mai wannan hannu da rana yake farawa, kuma uku ga Afrilu ne ya dace a tsakaninsu. Sai dai hukuncin na hannun nan ne kawai. Da zarar rubutu ko tawada ta canza, sake duba, ƙila wani magatakarda ne da tasa al'adar.

Kuskure na biyu ya fi ban haushi, don a ɓoye yake faruwa. Ka zuba bayanan a Excel, shi kuma ya fassara su yadda aka saita kwamfutar. In saitin Amurka ne, 03/04/98 zai koma huɗu ga Maris, 28/03/98 kuwa ya bar shi a matsayin rubutu. Alamar a fili take: wasu sun jingina dama, wasu hagu. Maganinsa, shigo da ginshiƙin a matsayin `Text`. Layukan da ka tabbatar rana ce a gaba, bi da su ta `Text to Columns` ka zaɓi `DMY`, sannan ka sa musu `yyyy-mm-dd`.

Shekara mai lamba biyu ma tarko ce. A saitinsa na asali, Excel na ɗaukar 00 zuwa 29 a matsayin 2000 zuwa 2029, don haka wanda aka haifa a 1925 sai ya koma 2025. Duba bangon rajistar, ka cika shekarar da hannunka.

Kada ka goge abin da ka tarar. Buɗe ginshiƙi uku: yadda aka rubuta, yadda ka gyara, da lambar shafi. A hoto mai dishi-dishi 1 da 7 kan yi kama, kuma lambar shafin ce za ta mayar da kai wurin. Wanda ya gagara warwarewa, bar gurbin gyaransa fayau, ka rubuta "ba a tantance ba" a gefe.