Darasi na Shida: Guruf ko Shafi, Ina Ya Kamata Ki Baje Hajarki?

A darasin da ya gabata mun koyi ɗaukar hoton kaya da waya. Yau za mu duba inda za a kai hoton. Da yake yawancin 'yan ajinmu mata ne masu sana'ar cikin gida, da ke zan yi magana, amma maigida mai shago shi ma ya saurara.

Guruf ɗin WhatsApp kamar tsakar gida yake. Ba mai shiga sai wanda aka saka, ko wanda aka tura wa mahaɗar gayyata. Shafin kasuwanci na Facebook kuwa rumfa ce a bakin titi: duk wanda ya rubuta sunan kayanki a wurin bincike yana iya cin karo da shi, ko daga Maraɗi yake, ko daga Kumasi. Saboda haka tambayar da za ki fara yi wa kanki ita ce, wanda zai sayi kayana gobe, ya riga ya san ni, ko baƙo nake nema?

Mu ɗauki misalin wata mata a Kano mai haɗa turaren wuta da humra. A ce tana da masu saye sittin, duk 'yan uwa ne da maƙwabta da ƙawayen Islamiyya. Ta buɗe guruf ta zuba su ciki. Ranar da ta gama sabon haɗi sai ta ɗora hoto, ta yi saƙon murya ta faɗi kuɗin kwalba, kafin la'asar an yi mata magana a kan guda goma. Wannan shi ne ƙarfin guruf. Saƙo yana isa wayar kowa, kuma wadda ba ta iya karatu sosai ba tana jin muryarki. Ga kuma yarda, domin idan mutum ɗaya ta ce ta gwada ya yi ƙamshi, sauran sun san ta, ba za su ce ƙarya take ba.

To amma mutum sittin ba kullum suke ƙona turare ba. Wadda ta sayi kwalba yau, sai bayan wata ɗaya ko biyu za ta sake nema. Nan ne matar ta yi kuskuren da muke yawan gani: ta ce bari ta yaɗa mahaɗar gayyatar ko'ina domin guruf ya cika. WhatsApp yana barin mutum 1,024 a guruf ɗaya, saboda haka wuri akwai. Abin da ba ta lura da shi ba shi ne, duk wanda ya shiga guruf yana ganin lambar wayar kowa da ke ciki.

Ki tsaya ki yi tunani a kan wannan sosai, don lambobin nan amana ce. Wata mai irin sana'arta ta shiga shiru, ta kwashe lambobin, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da farashi mai sauƙi. Wani namiji ya shiga ya fara damun matan aure da sallama cikin dare, mazajensu suka ce su fita. Mafi muni, ɗan damfara na iya ɗaukar hoton da ke kan lambarki ya saka a tasa, ya rubuta wa kwastoma a gefe cewa an canza asusun banki, ta tura kuɗi can. Kuɗin ya tafi, kuma sunanki ne ya ɓaci.

Idan hakan ta fara faruwa, akwai gyara. Ki shiga bayanan guruf ki taɓa "Reset link", tsohuwar mahaɗar za ta mutu nan take. Ki kunna "Approve new members", ba mai shiga sai kin amince. Idan kuma surutu ya yi yawa, ana ta turo wa'azi da bidiyon biki har hoton kayanki ya nutse, ki saita shi ya zama masu kula da guruf kaɗai ke iya tura saƙo. Sannan ki faɗa da muryarki, ki maimaita, cewa lambar asusunki ɗaya ce kuma ba kya canza ta a saƙon gefe.

Wasu za su ce, to ai sai a buɗe tasha, wato abin da ke rubuce "Channels" a WhatsApp, wanda aka fito da shi a 2023. Tasha tana maganin matsalar lamba, domin mabiya ba sa ganin lambar juna. Amma kada sunan WhatsApp ya ruɗe ki ki ɗauka wurin sirri ne. Kowa na iya bin tashar. Kuma magana hanya ɗaya take bi, kamar rediyo: ke kina faɗa, su ba su da damar rubuto miki tambaya a ciki, sai dai su sa alamar so. Kasuwar da ba a taya kaya kuwa, da wuya a ce kasuwa ce. Ni dai ban cika ba mai kwastoma sittin shawarar tasha ba. Ta fi dacewa da wanda ya riga ya tara jama'a, sanarwa kawai yake so ya yi musu.

Yanzu mu koma kan shafi. Turaren wuta ba ya lalacewa a hanya, ana iya ɗaure shi a kwali a ba direba a tashar mota ya kai Kaduna ko Jos. Saboda haka baƙo na nesa yana da amfani ga matar nan, kuma shafi ne zai kawo shi. Da awara take soyawa ko alale, da ban ce ta wahalar da kanta ba, domin mutumin Jos ba zai ci awarar Kano da zafinta ba. Guruf ɗin unguwa ya ishe ta.

Buɗe shafi kyauta ne, amma sai kina da naki asusun Facebook tukuna. Sunan sana'a ake gani a shafin, ba lallai sunanki ko hoton fuskarki ba, kuma wannan yana kwantar wa mata da yawa hankali. Ki sa sunan da ya faɗi abin da kike sayarwa da garinku, ki haɗa shi da lambar WhatsApp ta kasuwanci, ba wadda dangi ke kiran ki da ita ba.

Shafi yana da nasa ciwon kai. Facebook ba ya nuna abin da kika ɗora ga duk mabiyanki, shi yake zaɓar wanda zai gani. Kina iya samun mabiya dubu, hoto ya kai ga kaɗan daga cikinsu. Farashinki a fili yake ga abokan gasa. Idan wata ta yi ƙorafi a ƙarƙashin hoto, duniya na karantawa, kuma gogewa ba tare da amsa ba ya fi jawo zargi. Baƙo kuma bai san ki ba, ke ma ba ki san shi ba. Kada ki saki kaya don an turo miki hoton rasit, sai kin duba asusunki kin ga kuɗin da idonki.

Abin da matar nan ta yi daga baya shi ne, ta bar shafi a buɗe yana jawo baƙi, ta rufe ƙofar guruf. Ba ta saka kowa ciki sai wadda ta saya sau biyu, kuma sai ta nemi izininta tukuna, ta gaya mata cewa sauran za su ga lambarta.

Aikin gida: ki sami littafi ki ja layi a tsakiya. Har mako huɗu, duk wadda ta sayi kaya ki tambaye ta a ina ta gani, ki rubuta a gefen guruf ko a gefen shafi. Kada ki ƙirga masu danna alamar so, masu biyan kuɗi kaɗai za ki rubuta. Ki zo da littafin aji ranar da za mu yi darasin lissafin riba.