Yadda ake cike gurbin maki da sharhi a takardar auna aikin ma'aikaci

Kafin ka ɗauki biro, ka ɗauko rajistar zuwa aiki da rahotannin ma'aikacin tun daga Janairu. Wanda ya dogara da tunaninsa, watanni biyun ƙarshe kawai zai tuna, sauran goman su ɓace.

Sai ka rubuta hujja tukuna, maki ya biyo baya. A ce magatakardan sito ne a wani kamfanin sufuri a Garwa. Kada ka rubuta "yana da ƙoƙari". Rubuta: "Ya miƙa rahoton kaya a kan lokaci sau 10 cikin 12, na Agusta da Satumba sun makara da mako guda." Idan makin a kan 20 ne, wannan jimla za ta kare 15 da ka ba shi. Amma ka binciki dalilin makarar. In damina ce ta tsare motoci a hanya, ka faɗa, domin zalunci ne a ɗora masa laifin ruwan sama.

Daga nan ka rufe sunansa da hannu, ka sake karantawa. In sharhin zai dace da kowa a ofis, hujja ba ta shiga ba, ka sake rubutawa.

Ku karanta tare kafin ya sa hannu.