Shawara kan giris ɗin boris da na joyin

'Yan'uwa direbobi, lambar NLGI da ke jikin gwangwanin giris ba inganci take nunawa ba, kauri ne kawai. Tana tashi daga 000, mai malala kamar man gyaɗa, har zuwa 6, mai tauri kamar sabulu. Boris ɗin taya da bol joyin galibi lamba 2 suke so.

Ku duba kuma a ga GC-LB. GC na boris ne, mai jure zafin birki. LB na joyin ƙarƙashin mota. Na taɓa zuba na joyin zalla a boris, ya narke ya ɓata taya, boris ya fara kuka.

Don Allah kada ku haɗa giris iri biyu, ku wanke tsohon tas tukuna.