Kukan Lasifika a Zauren Taro: Kurakuran da Aka Fi Yi

Babban kuskuren da ya ƙi ƙarewa shi ne jera lasifika a bayan mai magana, a jingine da bangon dandamali, wai don kwalliya. Sautin da ya fito daga lasifika yana komawa cikin makirufo, a ƙara masa ƙarfi, ya sake fitowa, ya yi ta zagayawa har ya zama fiton nan mai tsaga kunne. Ko ikwalaiza, na'urar da ke rage ko ƙara kowane sashen sauti daban, ba za ta gyara wannan ba. A dawo da lasifikun bakin dandamali, gaban layin makirufo da mita ɗaya aƙalla, a ɗora su bisa ƙafa har ƙahon ya wuce kan mutane, a ɗan sunkuyar da su wajen masu sauraro. Idan lasifikun suka kalli bangon siminti na ƙarshen zaure, sautin zai dawo dandamali. Monita kuwa, wato lasifikar da ke fuskantar mai magana don ya ji kansa, in makirufon irin Shure SM58 ne, a ajiye ta daidai gindinsa, don ta nan ne ba ya ji sosai.

Na biyu ya fi ɓata rai: lasifika ta yi kuka, sai mutum ya danne duk maɓallan ikwalaiza lokaci guda. Haba! Ka kashe muryar, sannan ka ƙara GAIN don a ji, kukan kuma ya dawo.

Ni ga yadda nake yi kafin jama'a su shigo. Makirufo na kan sandarsa a inda za a yi magana, maɓallai 31 na ikwalaiza duk a sifili, kwamfiresa mai matse ƙarfin sauti a kashe, HPF mai yanke sauti mafi kauri a kunne wajen 100 Hz. Ina ɗaga fada, wato maɓallin ƙara ƙarfin sauti, a hankali har sauti ɗaya ya fara kuka, sai in tsaya nan. Gurnani mai kauri yawanci tsakanin 200 da 500 Hz yake, siririn fito kuma daga 2 kHz zuwa sama. A ce 2.5 kHz ne: in rage shi 3 dB, shi kaɗai. In bai lafa ba, na ɓata. In mai da shi sifili in gwada maƙwabcinsa, 3.15 kHz. In sake ɗaga fada har na gaba ya fito. Bayan huɗu ko biyar, ko sauti biyu suka tashi tare, na tsaya, zauren ya kai iyakarsa. Sai in sauke fada 6 dB, ba zan wuce nan ba har a tashi.

Ka hana mai gabatarwa dunƙule kan makirufo da tafin hannu. Yana toshe ramukan baya, sai ya riƙa ji ta ko'ina. Ya matso da shi baki, don raba tazarar biyu na ba ka kusan 6 dB kyauta. Makirufon da ba a magana da shi a rufe shi, domin duk ninki biyu na buɗaɗɗu yana cinye 3 dB daga ƙarfin da za ka iya kaiwa kafin kuka ya tashi.