Yadda ake haɗa kiristal na CuSO₄·5H₂O a makarantar lise, a lissafa kason samu, a kuma gano inda saura ya tafi

Ɗaliban da nake gani a ɗakin gwaji a nan Garwa ba a wurin raba lamba suke faɗuwa ba. Kowa ya haddace cewa in za a fitar da kason samu, ana raba nauyin abin da aka samu a hannu da nauyin abin da lissafi ya ce za a samu, a ninka da 100. Inda ake tuntuɓe shi ne in malam ya ce, to ina sauran ya tafi? Sai ka ga an rubuta "kuskuren awo" an rufe littafi, alhali sauran yana nan shuɗi shar a cikin ruwan da aka zubar. Ga yadda nake so a yi aikin.

Ka yi lissafin kafin ka kunna wuta

Za mu ɗauki mililita 50 na asid H₂SO₄ mai ƙarfin mol 1.0 a lita, da gram 5.0 na baƙin garin CuO, wato tagulla haɗe da oksijin.

CuO + H₂SO₄ → CuSO₄ + H₂O

In ruwan ya kafe ya huce, kowane CuSO₄, gishirin tagulla ke nan, yakan fito riƙe da ruwa biyar, wato CuSO₄·5H₂O, mai nauyin gram 249.5 a kowane mol.

Asid ɗin mol 0.050 ne. Garin kuwa, gram 5.0 a raba da 79.5, ya kama mol 0.063. Ɗaya da ɗaya suke haɗuwa, saboda haka asid ne zai fara ƙarewa, kuma da gangan aka yi haka, domin garin da ya rage ana tace shi, asid da ya rage kuwa ba ya tatuwa. Shi ke nan a kan asid za a ɗora lissafi: 0.050 sau 249.5, gram 12.5. Wannan shi ne iyakar abin da za a iya samu ko da ɗigo ɗaya bai salwanta ba. Rubuta shi a saman shafi.

Kurakurai biyu ne a nan, kuma kowace shekara sai sun dawo. Wani ya ɗora lissafi a kan garin don shi ya auna da hannunsa, ya samu gram 15.7. Wani kuma ya manta ruwa biyar ɗin, ya yi aiki da 159.5, ya samu gram 8.0. Za mu ga abin da kowanne yake yi wa sakamako.

Wani abu a gefe: in makaranta ba ta da asid, akwai masu cewa a sayo na batirin mota a kasuwa tunda ya fi araha. Kiristal zai fito, amma ba wanda ya san ainihin ƙarfin wannan asid, kuma ya ninka wanda muke so sau da dama. In ba ka san mol nawa ka zuba ba, ba ka da abin da za ka raba da shi. Ko asid ɗin da aka sirka a makaranta, in ya zo 0.9 maimakon 1.0, iyakarka ta koma gram 11.2 tun kafin ka taɓa komai.

Haɗawa da tacewa

Sa tabarau. Ɗumama asid a cikin bika, ya yi zafi amma kar ya tafasa. Zuba garin kaɗan kaɗan kana juyawa da sandar gilas. Ruwan zai fara yin shuɗi. Da asid mai sanyi CuO ba ya sauri, kuma wanda ya ga baƙin gari ya kwanta a minti na farko ya ce an gama, ya bar asid da bai ci komai ba. Ci gaba da juyawa a kan wuta 'yar kaɗan na wasu mintuna bayan ka zuba na ƙarshe. In shuɗin ya daina ƙaruwa kuma garin ya ƙi raguwa, to an gama.

Tace shuɗin ruwan da ɗuminsa ta takardar tacewa a mazurari. Ka riƙe wannan lamba: kowace mililita ɗaya ta wannan shuɗin ruwa tana ɗauke da abin da zai zama gram 0.25 na kiristal. Takarda da baƙin garin da ke kanta suna iya shanye mililita biyu, rabin gram ke nan. Don haka ɗauraye bikar da ruwa mai tsabta kamar mililita biyar, ka zuba a kan takardar ya bi sauran. Sau ɗaya ko biyu ya isa. Wanda ya yi ta ɗauraya har ruwa ya ninka, shi zai kwana yana kafar da shi.

Kafarwa: nan ne aikin yake

Littattafai da yawa suna cewa a kafar da ruwan har ya koma rabi, a ajiye ya huce. An rubuta wannan ne da ɗaki mai sanyin digiri 20 a zuciya. Ɗakinmu a watan Maris da Afrilu, ko a Garwa ko a Marwa ko a Injamena, ba haka yake ba.

Dalilin kamar na sukari ne a shayi: mai zafi ya fi mai sanyi ɗauka. Gram 100 na ruwa a digiri 20 yana narkar da kusan gram 32 na wannan gishiri, a digiri 40 kuwa kusan 45. Kiristal ba ya fitowa sai abin da ya fi ƙarfin ruwan. Ruwan da ya rage a kai bayan an huce a ƙoshe yake da gishiri: mililita 10 nasa suna riƙe da gram 3 da ɗan wani abu a digiri 20, sama da gram 4 a digiri 40. Yanzu ka duba wanda ya tsaya a rabi, mililita 25, a ɗakin da yake digiri 35. Wannan ruwan yana iya riƙe kusan gram 10 cikin 12.5. Ɗalibi zai leƙa kwano bayan awa biyu ya ga 'yan ƙwayoyi a gindi, ko ma bai ga komai ba, ya ɗauka aikin ya lalace. Bai lalace ba, ruwa ne ya yi yawa.

Saboda haka ni ba na bin rabi. Zuba ruwan a kwanon tangaran, ɗora shi a kan bika ko ƙaramar tukunya mai tafasasshen ruwa, tururi ya riƙa dukansa daga ƙasa. Rage shi har ya koma wajen mililita 15. Ba sai ka auna ba: tsoma sandar gilas mai sanyi, ka ɗaga ta, ka jira kaɗan. In ɗigon da ke jikinta ya yi ƙananan ƙwayoyi, ko ka ga shuɗin ɓawo ya fara zagaye bakin kwanon, sauke.

Kar a ɗora kwanon kai tsaye a kan harshen wuta, ko da an kusa kaɗa ƙararrawa. In ruwan ya yi kauri yakan fara tartsatsi, kuma duk ɗigon shuɗi da ka gani a kan tebur daga cikin gram 12.5 ɗinka ya fita, ga shi ya fi na farko kauri sau uku. In kuma aka bar shi ya ƙafe ƙurmus, gishirin zai fara sakin ruwan jikinsa, ya koɗe ya nufi fari. Wanda ya saki ruwan duka nauyinsa kashi 64 ne kacal cikin 100 na shuɗin. A nan tagullar ba ta je ko'ina ba, amma abin da ke kwanon ba shi ne aka yi lissafinsa ba, kuma sikeli ba zai gaya maka haka ba, sai launi.

Bar kwanon ya huce a hankali, an rufe shi da takarda saboda ƙura. In ya kai zafin ɗaki, sai ka zaunar da gindinsa cikin ruwan randa, ko ruwan ƙanƙara in akwai mai sayarwa kusa da makaranta. Saukowa daga digiri 35 zuwa wajen 15 yana iya fitar maka da ƙarin gram guda daga kowace mililita 10. Ƙwayoyin da sanyin gaggawa ya fitar ƙanana ne, ba su kai na kwana ɗaya kyau ba, amma a kan sikeli duk ɗaya ne. 'Yan Ngaundere, da yake a kan tudu suke, sun ɗan huta da wannan.

Tsiyayewa, shanya da awo

Tsiyaye ragowar ruwan a cikin silinda mai awo, ba a kwata ba, ka rubuta yawansa da zafinsa. Wannan ita ce shaidarka. Kwashe kiristal a kan takardar tacewa, danna shi da wata busasshiya, sauya takarda har ta daina jiƙewa. Kar ka wanke shi da ruwa mai yawa, narkewa zai yi. Kar ka shanya a rana, kar kuma ka bar shi a buɗe kwanaki a iskar hunturu, domin samansa yakan yi fari fari. Auna, jira, sake aunawa. In nauyin yana raguwa, da sauran laima.

Mu ce ka samu gram 8.1, ragowar ruwa mililita 8, zafinsa digiri 35.

kason samu = 8.1 ÷ 12.5 × 100 = 65

Kashi 65 cikin 100 ke nan, kuma gram 4.4 ne babu. Mililita 8 a wannan zafi suna riƙe da wajen gram 3.2. Takardar farko, in ba a ɗauraye ta ba, rabin gram. Sauran 0.7 yana jikin kwano, da sanda, da takardun shanya, da tebur. Haka nake so a rubuta dalilai, babba a gaba, kowanne da kimarsa.

Da wannan gram 8.1 ɗin dai, mai lissafi a kan gari zai ce kashi 52, ya zargi hannunsa a banza. Wanda ya manta ruwa biyar zai samu sama da 100, ya zo yana murna. Duk sakamakon da ya haura 100 lissafi ne ya karkace, ko kiristal jiƙaƙƙe ne, ko an haɗa da nauyin takarda. Ni ko kashi 90 na gani daga tsiyaya ɗaya, sai na taɓa ƙwayoyin da takarda na ga ko za ta jiƙe.

Akwai dalilai biyu da ake kwafowa daga littafi, cewa haɗin yana komawa baya, ko cewa wani haɗi na gefe ya cinye kayan. Gaskiya ne a wasu ayyukan, kamar haɗa esta daga asid da alkol, inda haɗin yake tsayawa a tsakiya. A CuO da asid mai ɗumi ba su da wuri, kuma ba na ba su maki.

Ragowar ruwan da ke silinda, a tara na duk ajin a kwano ɗaya, a sake kafarwa, za a samu kiristal zagaye na biyu, ko da yake bai kai na farko tsabta ba. Abin da ya saura a zuba a kwalba mai murfi a rubuta suna a jiki, domin gishirin tagulla guba ne ga kifi da dabbobi, ba a zuba shi a kwata. A wanke hannu kafin a fita.